Yadda ake gane littafin bugun sata tun yana hannunka, kafin ka biya kuɗi

Ni dai sai da aka cuce ni sau ɗaya na koyi wannan abu. Wani ƙaton littafin ilimin sassan jikin ɗan Adam na saya wa ƙanwata, bango fes yana ƙyalli, an naɗe shi a leda kamar yanzu ya fito daga maɗaba'a, ko sati uku ba a yi ba shafuka suka fara zubowa daga tsakiya, hotunan jijiyoyin da ya kamata ja ya bambanta da shuɗi kuma duk sun haɗe sun zama wani launi kamar laka. Tun daga nan ba na sayen littafi sai na yi masa binciken minti biyar.

Abin da za ka riƙe a ranka ɗaya ne. Ɓarawon littafi yana iya kwafe duk kalmar da ke ciki, har lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da sunan kamfani da gargaɗin hana satar fasaha shi kansa, amma takardar da gam ɗin da injin da aka buga na asali da su ba nasa ba ne, kuma idan ya ce zai yi irinsu sak ribarsa ta tafi. Saboda haka aikinka shi ne ka ji me littafin yake faɗa a kan kansa, sannan ka duba ko jikinsa ya gaskata maganar. Alama ɗaya ba ta isa hukunci, sai biyu ko uku sun haɗu.

Kayan aiki ba wasu masu yawa ba ne, wayarka ta isa (kyamara da tocila), in akwai ƙaramar rula to madalla. In son samu ne kafin ka fita ka leƙa shafin kamfanin da ya wallafa littafin ka rubuta abu huɗu: lambar ISBN, yawan shafuka, tsawo da faɗi, da kuma ko bango mai tauri ne ko mai laushi.

Mataki na farko: shafin haƙƙin mallaka

Yawancin mutane nan suke dubawa a ƙarshe, ni kuwa da shi nake farawa don shi ne bakin littafin. Yawanci yana bayan shafin da ke ɗauke da suna, wato ka buɗe bango ka wuce ganye ɗaya ko biyu, za ka ga shafi mai ƙananan rubutu da alamar © da shekara. Idan babu shi kwata-kwata a littafin da yake iƙirarin na babban kamfani ne, ajiye shi kawai, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Idan yana nan, nemo ISBN ka gwada ta da wadda ke bangon baya a saman layukan nan baƙaƙe da ake haskawa da na'ura. Tun 1 ga Janairun 2007 lambar ta koma guda 13, tana farawa da 978 ko 979, kafin nan guda 10 ce. Kowane nau'in bugu da tasa lambar, mai bango mai tauri daban, mai laushi daban, bugu na shida daban da na bakwai da aka yi wa gyara. Wani lokaci shafin zai jero lambobi biyu ko uku, wannan ba laifi ba ne, abin nema shi ne ta bangon baya ta kasance cikinsu kuma ta dace da abin da ke hannunka. Inda suke yawan yin ɓaranɓarama ke nan, su kwafe bangon littafi mai tauri su liƙa a kwali mai laushi, lambar tana cewa tauri hannunka yana jin laushi. Ko kuma bango na sabon bugu, ciki na tsoho, don tsohon suka samu suka kwafa.

Lambar ƙarshe ta ISBN ta tantancewa ce, kana iya gwada ta da kalkuletar waya. Ka ninka lamba ta farko da 1, ta biyu da 3, ta uku da 1, haka dai bi da bi har ƙarshe, ka tara, dole jimillar ta rabu da 10 ba saura. Misali:

```
978-0-306-40615-7
9+21+8+0+3+0+6+12+0+18+1+15+7 = 100
```

100 ta rabu da 10, lambar ta tsayu. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, lamba sahihiya ba ta wanke littafi tunda kwafe ta ba wuya, amfanin gwajin shi ne kama wanda ya sake taifin ɗin shafin da hannu ya yi kuskure, ko ya ƙirƙiro lamba daga kansa. In ta faɗi gwaji an kama shi, in ta ci sai ka ci gaba da bincike.

Akwai kuma wani jerin lambobi a ƙasan shafin da kamfanoni da yawa suke sawa, kamar haka:

```
10 9 8 7 6 5 4 3 2 1
```

Mafi ƙanƙantar lamba a jerin ita ce ke nuna karo na nawa aka buga, in 1 tana nan bugun farko ne, in jerin ya tsaya a 4 to karo na huɗu ne. Ga inda yake da amfani: littafin labari, wato nobel, ya ce shi bugun farko ne na shekarar da ya fito, amma a bangonsa an rubuta ya ci wata kyauta da sai bayan shekara biyu aka ba shi, ko an sa hoton fim ɗin da aka yi daga baya. Ka ga an haɗa kai da gangar jikin da ba nasa ba. Ba kowane kamfani ne yake sa wannan jeri ba, rashinsa ba hujja ba ne.

Kafin ka bar shafin ka karanta sauran alkawuran da ya yi, ƙasar da aka buga shi, ko ya ce takarda marar asid ce, ko ya ambaci hotuna masu launi ko wata lambar shiga intanet da aka liƙa a ciki. Riƙe su, yanzu za mu tambayi jikin littafin.

Mataki na biyu: takarda

Rufe littafin ka kalli gefen shafukan gaba ɗaya a wuri mai hasken rana, ba ƙarƙashin farin ƙwan lantarki ba don yana ɓoye launi. Littafin kirki launinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. In ka ga zane-zane, wani sashe fari tas wani ya yi duhu wani ya koma toka-toka, to an haɗa ragowar takardu iri-iri ne, kamfanin kirki ba ya yawan yin haka sai dai in sashen hotuna ne da aka sa masa takarda mai santsi da gangan.

Nobel na manyan kamfanoni galibi a takarda mai launin madara ake buga shi, marar ƙyalli, mai ɗan kauri amma ba nauyi, don ido ya huta. Na sata kuwa sau da yawa ko dai fari ƙal mai ɗaukar ido har da ɗan shuɗi-shuɗi irin takardar fotokwafi, ko kuma toka-toka mai kaushi irin ta jarida. Wancan farin mai shuɗi daga wani sinadari ne da ake sa wa takardar ofis don ta yi haske, in kana da ƙaramar tocilar nan da ake duba kuɗi da ita ka haska, za ka ga ta ɗau shuɗi sosai, takardar madara kuwa ba ta cika amsawa ba. Ta jarida ita ma tana tona asirin kanta, akwai ragowar sinadarin itace a cikinta da ke sa ta yi ja-ja in ta sha rana, shi ya sa littafin da ya ce an buga shi bara a takarda marar asid amma gefensa ya riga ya yi kamar na kaka, akwai magana.

Sai ka ɗaga ganye ɗaya. Ko a littafin asali za ka ɗan hango inuwar rubutun baya, amma bai kamata ka iya karanta shi ba alhali ganyen yana kwance a kan 'yan'uwansa. Ga wata dabara da nake so ƙwarai: in ka ga inuwar rubutun baya, ɗaga ganyen saitin haske ka duba ko inuwar ta hau daidai kan ainihin rubutun da ke bayan. In ta goce, wato inuwa biyu kake gani, to ɗayar ba ta wannan takarda ba ce, ta littafin da aka yi sikanin ce aka bugo ta tare da shafin. Wannan kam alama ce mai ƙarfi ƙwarai.

Amma a yi adalci, takarda mai araha ita kaɗai ba ta nufin sata. Akwai ƙananan nobel na aljihu da kamfanonin da kansu suke bugawa a takarda mai kama da ta jarida, akwai kuma bugun ɗalibai mai sauƙin kuɗi da ake yi don wasu ƙasashe, takarda siririya, hotuna baƙi da fari, bango mai laushi. Halastattu ne, kuma za ka gane su da cewa suna da tasu ISBN ɗin daban, sun kuma rubuta a bango yankin da aka yarda a sayar da su. Shi na sata ba ya cewa shi mai araha ne, kayan babban yake sawa.

Mataki na uku: kaifin bugu

Nan ne waya take aiki. Buɗe shafin da ke da ƙananan rubutu, bayanin ƙasan shafi ko fihirisar ƙarshe, ɗauki hoto kusa-kusa ka ja shi da yatsa ya girma. Kalli haruffa irin e da a da g. A bugun asali bakin harafi a yanke yake tsaf kamar da reza, ramin cikin e a buɗe, don kai tsaye daga kwamfuta aka fitar da shi zuwa farantin injin, sau da yawa da ɗigo 2400 a inci ɗaya. Ɓarawo kuwa hoton shafin ya ɗauka, watakila da ɗigo 300 a inci, ya sake bugawa, sai ka ga bakin harafin ya yi gashi-gashi, ramin e ya cike, siraran layuka sun tsinke, ga ƙananan ɗigo kamar ƙura a farin wuri. Sannan baƙin rubutu a littafin kirki da baƙar tawada ɗaya ake buga shi, in ka ga gefen haruffa na fitar da ja ko shuɗi to an kwafe shafin ne a matsayin hoto mai launi.

Kada ka tsaya a shafi ɗaya, bi littafin da babban yatsa ka bar shafuka su gudu. Kana neman shafi mai duhu kusa da mai haske kamar tawada ta ƙare, layukan da suka karkace, rubutun da ya lanƙwashe a kusa da ɗauri tare da wata inuwa baƙa a tsaye (alamar an danna littafi ne a kan gilashin sikana), da lambar shafi da ke tsalle sama da ƙasa maimakon ta zauna wuri ɗaya. Na taɓa ganin wanda aka bugo da jan layin biron mai littafin farko a ƙarƙashin wata jimla, ka shafa ka ji ba biro ba ne, bugu ne, kowane kwafi da shi ya fito.

Hotuna sun fi komai fallasa su. Hoton littafi ba shafe yake ba, ƙananan ɗigo ne na launi huɗu, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, a jere cikin tsari, in ka girmama za ka gan su kamar 'yan furanni. Idan aka yi sikanin wannan aka sake bugawa, sabon jerin ɗigo yana hawa kan tsohon sai su yi karo, a samu wani zane kamar raga ko igiyar ruwa a kan hoton, musamman a sararin sama ko fatar mutum. Wurare masu duhu kuma su toshe su zama baƙi ƙirin. A nobel wannan ɓacin rai ne kawai, a littafin karatu kuwa asara ce, rubutu yana ce maka dubi jan layi a jadawali alhali layuka huɗun duk toka ne.

Wasu ba hoton shafi suke bugawa ba, manhaja suke ba wa ta karanta ta mayar da shi rubutu, sai haruffa su fito da kaifi amma da irin kurakuran da mutum ba ya yi: r da n su manne su zama m, harafin l ya koma 1, O ta koma 0, ƙ da ɗ da ɓ su rasa lanƙwasarsu ko su zama wata alama. A lissafi da kimiyya abin ya fi muni, alamar ɗebewa ta ɓace, ƙaramar lambar da ke saman x ta sauko ƙasa, ɗigon 2.5 ya tafi ta zama 25, ka yi tunanin wannan a littafin magunguna.

Iyakar wannan mataki ita ce idan ɓarawon ya samu ainihin fayil ɗin littafin, rubutunsa zai fito tsaf ba abin da kyamara za ta kama. Haka kuma akwai halastattun littattafai da ake bugawa ɗaya-ɗaya sai an yi oda, da injin da ya yi kama da babbar firinta, hotunansu ba su kai na injin ofset da manyan maɗaba'u ke amfani da shi kyau ba, galibi za ka ga wasu layukan na'ura da wuri ko ranar bugu a ganyen ƙarshe. To a irin wannan sai ka koma ga ɗauri da bango.

Mataki na huɗu: ɗauri da bango

Tsayar da littafin ka leƙa gadon bayansa ta sama. In ɗinki ne za ka ga shafukan a ƙungiya-ƙungiya a ninke, yawanci 16 ko 32 kowace, in ka buɗe tsakiyar ƙungiya ka ga zare. In gam ne za ka ga siririn layin gam a miƙe, kaurinsa ɗaya daga gefe zuwa gefe. Gam ba aibu ba ne, mafi yawan littattafai masu bango mai laushi da shi ake yi. Abin dubawa shi ne yadda aka sa shi, a na sata za ka ga ya taru a wani gefe ya yi ƙaranci a wani, ga ramuka, wani wuri ya malalo ya manne shafin farko da bango. Buɗe tsakiya a hankali, kada ka karya wa mutane kaya, ka saurara. Gam mai kyau yana lanƙwasa shiru, marar kyau yana ƙara ƙas-ƙas kuma ka hango tsaga a tsakanin shafuka.

Akwai kuma kwanciyar takarda, wadda ba kowa ya san da ita ba. Zaruruwan cikin takarda gefe ɗaya suke fuskanta, mai aikin kirki yana yanka ta yadda za su bi tsawon littafin daga sama zuwa ƙasa. Mai neman rage asarar takarda yana yankawa ta duk inda ta fi yi masa auki. Sakamakon shi ne littafin ya ƙi zama a buɗe, kana saki ya rufe kansa, shafuka su tsaya ƙiƙam maimakon su kwanto, kuma kusa da ɗauri ka ga sun yi kwarmi-kwarmi.

Yanzu gadon baya ta waje, wanda a ganina shi ne shaida mafi sauƙi. An zana bango ne daidai kaurin littafin asali, shi kuwa ɓarawo takardarsa daban ce. Mu ɗauki nobel mai shafi 400, wato ganye 200. A ce na asali kowane ganye milimita 0.13 ne, kaurinsa ya zama milimita 26. Ɓarawo ya yi amfani da takardar ofis mai giram 80, wadda ganyenta wajen milimita 0.1 ne, nasa ya tsaya a 20. Rarar milimita 6 ɗin nan dole ta je wani wuri, sai ka ga launin gadon baya ya zagayo milimita 3 kan bangon gaba, 3 kan na baya, sunan littafin ya cika wurin har yana neman faɗawa lanƙwasa, ko kuma an matse rubutun ya yi siriri. Gocewar milimita ɗaya tana faruwa ko a maɗaba'ar kirki, uku a kowane gefe kuwa ba kuskuren inji ba ne.

Shafa bangon da yatsa. Inda na asali yake da haruffa masu tudu ko ruwan zinare mai walƙiya, na sata hotonsu kawai yake da shi, a shafe, zinaren ya koma rawaya mai duhu har da hasken fitilar sikana a daskare a wuri ɗaya, ka juya littafin hasken bai motsa ba. Duba ledar bangon ko ta fara ɗagowa a kusurwa. Sitika mai walƙiya kuwa kada ka ba ta amana da yawa, ana buga na bogi, sai in irin wadda ake kankarewa a tura lambar ga kamfani ce.

In ka zo da rula auna tsawo da faɗi. Sukan rage girman littafi don ya shiga takardar da suke da ita, sai rubutu ya ƙanƙance, farin gefe ya kusa ƙarewa, wani wuri wuƙa ta ci lambar shafi.

Da na koma kan littafin ƙanwata da wannan ido, abin har kunya ya ba ni. ISBN ɗin ta ci gwaji lafiya lau, amma ta bugu mai bango mai tauri ce, nawa kuwa mai laushi. Shafin haƙƙin mallaka ya yi maganar lambar shiga intanet a cikin bangon gaba, na duba na ga hoton wurin kankarewar ne kawai aka buga, ba abin da za a kankare. Gefen shafuka launi uku. Hoton ƙwayar ido yana da raga a kansa, shafi na 212 kuma ya zo sau biyu babu na 213. Ko wannan na ƙarshen yana da bayani, a maɗaba'ar kirki in za a yi kuskure ƙungiya guda ce take ɓata ko ta maimaitu, shafi 16 ko 32 a tare, shafi ɗaya tak ya maimaitu kuwa hannun mai juya littafi a kan sikana ne ya yi tuntuɓe.

In ta intanet za ka saya ba ka da damar taɓawa, ka ce mai sayarwa ya turo maka hoto uku na ainihin kwafin da zai aiko, ba hoton talla ba: shafin haƙƙin mallaka, gadon baya daga sama yadda za ka ga gam, da shafi ɗaya mai hoto an ɗauka kusa. In kayan sun iso ka yi binciken a ranar, kafin ka rubuta sunanka a ciki, don da zarar biro ya hau shi mayarwa ta zama rigima.